Wane jerin manazarta ake nema?

Tambaya: Malaminmu ya dawo min da aikina, wai na rubuta Bibliography alhali References ake so. Mene ne bambancinsu? Kuma mece ce Annotated Bibliography?

Amsa: Abin dubawa shi ne ko ka ambaci littafin a cikin aikin. A tsarin APA, ɗaya daga cikin hanyoyin tsara manazarta a aikin bincike, References na ɗauke ne da abin da ka kafa hujja da shi kaɗai. Idan ka karanta littattafai 20 amma 12 ka ambata, 12 ɗin nan za ka jera. Mai duba aiki yakan bi sunaye da shekarun da ke cikin babi ɗaya bayan ɗaya, ya nemo su a jerin ƙarshe. Wanda ya rasa abokinsa, can ko nan, kuskure ne. Ina ganin nan ka yi tuntuɓe. Hirar da ka yi da wani baki da baki ma ba ta shiga jerin, a cikin rubutu ake ambatonta.

Bibliography kuwa tana iya haɗa duka 20 ɗin, an fi ganinta a tsarin Chicago mai bayanan ƙasan shafi, musamman wajen masu nazarin tarihi.

Ta ukun manazarta ce mai sharhi: ƙarƙashin kowane littafi ka rubuta sakin layi ɗaya kan abin da ya ƙunsa, ingancinsa, da amfaninsa ga bincikenka. Yawanci kafin fara kundi ake neman ta, kada ka yi sai an ce ka yi.