Bidiyon POV na tela ranar jajibiri: me ya sa ake tambaya da wa nake magana?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina gwada bidiyon POV, na fito a matsayin tela, mai kallo shi ne wanda ya zo karɓar ɗinkin sallah ranar jajibiri. Amma duk wanda na nuna wa sai ya ce wai da wa nake magana. Yaya ake rubuta irin wannan don mutum ya ji da shi ake?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta sai da na ji wani abu ya taso min, domin wannan tambayar ta "da wa kake magana" ta taɓa hana ni fita majalisa. Bari in fara da abin da nake zargi, ko da ban ga bidiyon ba: maganar tela kaɗai ka rubuta, ba ka rubuta ta mai kaya ba. Ka ce a ranka ai ba zai yi magana ba, to me za a rubuta masa? Nan aikin yake lalacewa. Mutum biyu ne a shagon nan, ɗaya ne kawai ba a jin muryarsa.

Ka samu takarda ka ninka ta biyu a tsaye. Hagu na tela, dama na mai kaya. Ka rubuta hirar gaba ɗaya kamar za a ji su duka, har da tsakin da mai kaya zai ja. Idan ka gama, ɓangaren dama ba wanda zai furta shi, amma lokacinsa yana nan, dole ka bar masa gurbi. Ga yadda zan buɗe naka:

Tela, bai ɗago kai daga keke ba: "Wa alaikumus salam." Sai ya ɗago, fuskarsa ta ɗan faɗi, ya yi maza ya gyara. "A'a, Alhaji! Yanzun nan nake cewa bari in kira ka."

Shiru. A takardarka ta dama an rubuta: "An gama?"

Tela: "Ai tun shekaranjiya. Maɓalli ne kawai ya rage."

Shiru. Dama: "To ɗauko in gani."

Tela: "Ka gani? Ai ba ta nan, tana wajen mai aikin wuya a Sabon Gari. Yaro ya tafi karɓowa."

Ka lura, amsa sallamar nan ta farko ita ta yi rabin aikin. Ba wanda yake amsa sallamar da ba a yi masa ba, saboda haka kafin sakan biyu mai kallo ya san shi ne ya shigo, shi ya yi sallama. Sai kuma kowace magana ta tela ta riƙo wutsiyar abin da aka faɗa masa. "Ai tun shekaranjiya" ba ta da wata tambaya da za ta dace da ita sai "an gama?". Amma kar ka mai da tela aku, ya riƙa cewa "au, kana tambaya ko an gama?" a kowane layi. Sau ɗaya a bidiyo ya isa, kamar wancan "ka gani?", kuma a inda mutum na gaske zai maimaita don ya sami lokacin ƙirƙiro ƙarya.

Tsawon shirun kuwa, ba kintace ake yi ba. Ka karanta layin dama a zuciyarka da saurin da mai fushi zai faɗe shi, wannan shi ne tsawonsa. Gajeriyar tambaya sakan ɗaya, doguwa biyu. Ni ba na barin ya wuce uku, don daga nan yatsa ya fara ƙaiƙayin wucewa. Kuma a cikin shirun fuskarka ba hutu take ba, sauraro take: gira ta ɗaga, murmushi ya fara gushewa, hannu ya koma kan almakashi. Mai kallo daga fuskarka yake karanta abin da ya faɗa.

Kan wannan shirun ne aka taɓa yi min abin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Na rubuta na mai keke napep da ba shi da canji, an ɗauko fasinja daga Kwangila zuwa Samaru, mai kallo shi ne fasinjan a kujerar baya. Na roƙi wani bawan Allah aron kekensa da rana tsaka, na zuba masa mai, muka ɗauka lafiya lau. Wayata a lokacin ba ta iya ɗaukar aikin tacewa, sai na tura wa wani da nake ɗauka aboki ne, wanda yake da mabiya fiye da ni, ya haɗa min a CapCut. Mutumin nan ya bi duk inda na yi shiru ya datse, wai bidiyo ba ya son jan rai. Ya ɗora wani sautin dariya a kai, ya cire rubutun farko na kan allo, sannan ya saka a shafinsa ba ko sunana. Abin da ya fito shi ne ni ina waiwaye ina zuba surutu ba numfashi, ina tambaya ina ba kaina amsa. A wayar ƙanena na fara gani, yana dariya yana ɓoyewa. A ƙarƙashi mutane suna ta rubuta Allah ya ba shi lafiya. Wani dattijo a layinmu ya tare ni bayan magariba, da gaske, ya riƙe hannuna yana tambaya ko akwai abin da yake damuna. Da na kira shi mai tacewar, ka san me ya ce? Wai ai ya taimake ni ne, ga shi an kalla. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma bai sauke ba sai da ya ga dama. Har yanzu muna haɗuwa wajen ɗaurin aure, mu gaisa sama-sama. Na bar shi da Allah, amma ɗanyen bidiyona bai sake zuwa hannun kowa ba, kai ma idan dole ne wani ya tace maka, ka zauna kusa da shi da takardarka a hannu, ka nuna masa cewa kowane gurbi layi ne.

To, mu koma shagon tela. Akwai abin da Hausa take tilasta mana: ba za ka iya yi wa mutum magana ba tare da ka zaɓi "ka" ko "ki" ba. Tun kafin layin farko ka yanke wane ne ya shigo. Na ga masu gudun wannan suna fakewa da "ku" don kowa ya shiga, sai maganar ta yi sanyi kamar sanarwa. Ka zaɓi ɗaya. Idan Alhaji ne da shaddarsa, mata ma za su kalla su tura wa mazajensu da yayyensu. In kana so, daga baya ka yi na Hajiya da atamfarta, amma wannan sabon rubutu ne, don uzurin telan mata daban yake, yadda yake lallashi ma daban. Kuma sunan da tela zai kira shi da shi yana gaya wa mai kallo matsayinsa. "Alhaji" mai kuɗi ne da ake tsoron rasawa. "Abokina" tsara ne da za a iya ja wa rai. "Yaro" kuwa an aiko shi ne, ba wanda zai saurare shi.

Rubutun kan allo layi ɗaya ne, da mai kallo a ciki: POV: ka zo karɓar ɗinkin sallah ranar jajibiri. Ba "POV: tela ranar jajibiri" ba, wannan yana sa mutum ya zaci shi ne telan. Ka ɗora shi sama-sama a tsakiya, domin a TikTok ƙasa da gefen dama duk maɓallai da bayanin shafi suna rufe su.

Wayar kuma ita ce kan mai kaya, ka rubuta mata motsinta a ɓangaren dama kamar yadda ka rubuta maganarsa. Yana tsaye, tela yana zaune a keke, saboda haka waya tana daidai idon mutum a tsaye tana ɗan duban ƙasa. Idan ka jingina ta a kan tebur, ka mai da Alhaji yaro ɗan shekara biyar. A ɗauka da kyamarar baya, wani ya riƙe, a bar ta a 1x, don 0.5x tana miƙe fuska idan ka matso. Kai kuma idon kyamarar za ka kalla, ba fuskar mai riƙewa ba. Ni ɗan farin salatif nake mannawa kusa da shi. Kuskuren yatsa biyu a nan ya isa mutum ya ji ana kallon wani a bayansa. Mai riƙewar ma ka gargaɗe shi, kar ya amsa, kar ya yi dariya. Da zarar an ji murya daga bayan waya, kujerar mai kallo wani ya zauna a kai.

Abin da na fi so a irin wannan shi ne a ba mai kallo aiki ɗaya da ido, tunda ba shi da baki. A naka, bayan tela ya gama rantsuwa cewa yaro yana hanya, har ya ɗaga waya yana "kana ina, ka wuce PZ?" alhali allon wayar a kashe yake, sai kyamara ta sauka a hankali zuwa tarin kayan da ke gefen ƙafarsa. Ga shaddar nan a ninke cikin ledarta, ko almakashi bai taɓa ta ba, da 'yar takardar awo a maƙale. Kyamara ta tsaya sakan ɗaya, ta dawo fuskarsa. Tela ya haɗiye yawu ya ce: "Wannan? A'a Alhaji, irinta ce." Ka yanke a nan. Kar ka ƙara faɗa, kar ka ƙara bayani. Amma don wannan ya ci, sai an san shaddar tun farko, saboda haka a layi na biyu ko na uku tela ya ambaci launinta, ya ce "ruwan tokar nan taka ai ta yi kyau", sannan ka tabbata ita kaɗai ce ruwan toka a tarin.

Uzuri uku sun isa, kowanne ya fi na baya girma: maɓalli, mai aikin wuya, sai kiran wayar ƙarya. Kar ka sa na ɗauke wuta, kowa ya gaji da shi, kuma idan keken ƙafa ne a gabanka masu sharhi za su kama ka. Duka da shirun bai kamata ya wuce sakan arba'in ba, ka karanta da agogo kafin ka je shagon mutane.

Af, shagon ma. Kar ka je aro ana saura kwana kaɗan sallah, ba telan da zai kalle ka, kuma ƙarar kekuna da janareto za ta cinye muryarka. Ka je bayan sallah da safe, ka gaya masa ainihin abin da za ka yi, ka kauce wa allon sunan shagon, don kar a wayi gari ana cewa shi ne mai cin amanar.

Kafin ka ɗauka, yage ɓangaren hagu kaɗai ka ba wanda bai san labarin ba, ka ce ya cike abin da ɗayan yake faɗa. Duk layin da ya tsaya yana tunani, ko ya cike da wani abu daban da naka, wannan layin na tela shi za ka sake rubutawa. In ka gyara ka turo takardar nan mu gani, Allah ya taimaka.