Darasin minti 40: goge abu daga hoto da waya

Tambaya: Ina koyar da kwamfuta a aji huɗu na sakandare. Ina so in nuna wa ɗalibaina yadda ake cire abin da ba a so daga hoto, amma wayoyi kaɗan ne da mu. Yaya zan tsara darasin?

Amsa: Malama, ki yi amfani da manhajar gyaran hoto ta Snapseed. Kyauta ce, kuma da zarar an sauke ta ba ta buƙatar data. Ki nemi izinin shugaban makaranta kan shigo da wayoyi, ki raba ajin rukuni-rukuni, ɗalibai biyar kan waya ɗaya.

Tun kafin ranar, ki ɗauki hotuna biyu da kanki. Na farko ledar fiya wata a kan yashi, babu komai kusa da ita. Na biyu buta a jingine da katanga. Ki tura su ta Xender, domin WhatsApp yakan rage ingancin hoto.

Minti goma na farko naki ne. Ki buɗe hoton ledar, ki shiga Tools, ki zaɓi Healing, ki buɗa hoton da yatsu biyu har ledar ta yi girma, sannan ki shafa a kanta. Ki bayyana musu abin da ya faru: manhajar ba ta san abin da ke ƙarƙashin ledar ba, yashin gefe ta kwaso ta lulluɓe wurin. Duk darasin a nan yake. Wanda ya gane wannan zai san dalilin da ya sa yashi da sararin sama suke da sauƙi.

Minti goma na gaba kowa ya goge ledar da hannunsa. Ki lura kada ɗalibi ɗaya ya riƙe wayar sauran suna kallo.

Sai hoton butar, minti goma sha biyar, kuma a nan za su sha wuya. Idan suka shafe butar gaba ɗaya, manhajar za ta jawo launin katanga zuwa ƙasa, layin gindin katangar ya karye. Kada ki yi saurin gyara musu, ki bari su faɗi dalili tukuna. Maganin shi ne su danna kibiyar komawa baya, su ƙara buɗa hoton, su goge kaɗan-kaɗan: ɓangaren katanga daban, na ƙasa daban, suna bin layin. Kusan kowa yakan manta da inuwar butar, ki tambaye su inuwar mece ce ta rage a ƙasa.

A minti biyar na ƙarshe rukunai su yi musayar wayoyi, kowa ya nemo inda aka taɓa: wurin da ya yi dishi-dishi, ko tsakuwa ɗaya da ta fito sau biyu. A kan wannan za ki ba da maki. Su adana aikin ta Export a matsayin sabon kwafi. Ki kuma kafa doka a fili: ba a taɓa hoton mutum sai da izininsa, ba a taɓa takardar sakamako ko rasit ko kaɗan.