Shawarar Lauya: Alhaji Ya Yanke Farashin Ƙarshe, Ni Kuma Ba Zan Saya Ba

Tambaya: Barista, ina da shagon taki da maganin feshi a wani ƙauye kusa da Gujungu, a ƙaramar hukumar Taura. Shekara shida ke nan ina sarin kaya a wurin wani Alhaji a Kano, har bashi yana ba ni idan damina ta kama. Bana na nemi buhu 200 na takin yuriya. Tun muna cikin ciniki na tura masa naira 300,000 don ya ware mini kaya. Na taya naira 36,000 kowane buhu, ya ce albarka. Ranar Litinin ya turo saƙo ta WhatsApp cewa 37,500 ne farashin ƙarshe, kuma ya ba ni zuwa Juma'a. Na mayar masa da saƙon murya na ce, "To Alhaji, na ji, Allah ya kai mu Juma'ar." Yanzu na samu wani zai ba ni a 36,000 har ƙofar shago. Ina jin nauyin Alhaji ƙwarai, ba na son mu ɓata. Cinikin ya hau kaina? Yaya zan gaya masa, kuma kuɗina fa?

Amsa: Malam, bisa abin da ka faɗa, ciniki bai faɗa ba tukuna. Amma maganar da ka yi a saƙon muryar nan ba ta yi mini daɗi ba, gara ka gyara ta kafin Juma'a.

Ciniki yana ƙulluwa ne idan ɗaya ya yi tayi, ɗayan ya karɓa yadda yake, ba ƙari ba ragi. A wannan gaɓar dokar da muka gada daga Ingila da fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Jigawa da Kano suke bi ba su saɓa ba, ijabi da ƙabuli ke nan. Lokacin da ka tura naira 300,000 ba ku daidaita kan farashi ba, saye da sayarwa kuwa ba ya tabbata babu sanannen farashi. Saƙon Litinin shi ne tayin da ke kan tebur. Abin dubawa shi ne ko amsarka karɓa ce.

"Na ji" ba "na saya" ba ne, kowane Bahaushe ya san haka. Sai dai ka dubi abin ta wajen Alhaji. Kuɗinka na hannunsa, kaya na ware a sito da sunanka, ya ce Juma'a, kai ma ka ce Allah ya kai mu Juma'a. Idan ya fahimci cewa ranar ce za ka zo ɗaukar kaya, ba za a ce ya yi son kai ba. Saƙon murya kuma ba ya bin iska kamar maganar bakin kasuwa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe hanyar gabatar da abin da ya fito daga waya ko kwamfuta a gaban kotu idan an cika sharuɗɗansa. Ranar da aka kunna muryarka a gaban alƙali, ba abin da ke zuciyarka za a auna ba, abin da mai hankali zai fahimta daga kalmominka da yadda kuka saba hulɗa za a duba. Ni a ganina za ka fi shi hujja. To amma mutumin da kake son ci gaba da sari a wurinsa, ina amfanin ka kayar da shi a kotu?

Yawancin rigimar 'yan kasuwa da ke zuwa ofishina ba daga mugunta take tasowa ba, daga kara take tasowa. Mutum yana jin kunyar ya ce a'a, sai ya ce "za mu duba", ko "ba damuwa", ko ya daina ɗaga waya. Shiru dai ba karɓa ba ne a doka, ko da mai kaya ya rubuta cewa in bai ji daga gare ka ba ya ɗauka ka amince. Amma aiki yana zama karɓa. A ce ranar Asabar mota ta tsaya a ƙofar shagonka kana gona, yaronka ya kira 'yan dako suka sauke, kafin la'asar ya sayar da buhu goma. To ka saya, a kan 37,500, domin Malikiyya ma sun yarda ciniki yana ƙulluwa da miƙawa da karɓa ko ba a furta komai ba. Don haka tun yau ka gaya wa yaran shago kada a sauke wani kaya daga Kano sai da izininka.

Kafin ka rubuta komai, ka tabbata ka gama shawara da kanka, domin ƙin tayi yana kashe shi. Da zarar saƙonka ya isa, farashin 37,500 ya tafi. Idan sabon mutumin nan ya saɓa maka ranar Alhamis, ba ka da ikon komawa ka ce wa Alhaji ai Juma'a ba ta yi ba, na karɓa. Sai in ya ga dama ya sake tayin. Haka ma idan ka ce "bar mini a 36,500". Wannan sabon tayi ne daga gare ka, kuma ya rushe nasa. Tsohuwar ƙa'ida ce da ake koya wa kowane ɗalibin lauya daga shari'ar Hyde da Wrench ta 1840: mai gona ya sa fam 1,000, mai saye ya taya 950, aka ƙi, ya dawo ya ce to ya yarda da dubun, kotu ta ce babu sauran tayin da zai karɓa. Tambaya kawai ba ta kashe tayi, kamar ka ce "farashin nan ya haɗa da kuɗin mota?" Bambancin buhu 200 tsakanin mutanen biyu naira 300,000 ne, ban da kuɗin dako. Kuɗi ne mai kauri, amma ka sa shi a sikeli ɗaya da bashin da Alhaji yake ba ka lokacin da manoma ba su da kuɗi a hannu. Sabon mutumin zai yi maka haka? Ka ga kayan nasa da idonka? Ni dai ba zan saki na hannu ba sai na ga na sabon a rubuce, da ranar kawowa.

Idan ka tsaya a kan ƙin, ka fara kiran Alhaji a waya ku gaisa, ka gaya masa da bakinka. Babba ne, bai kamata ya tsinci labari a rubuce kamar baƙo ba. Da kun ajiye waya sai ka bi da saƙo, don ya zama shi ne maganar ƙarshe a tsakaninku. Ga irin wanda zan rubuta:

"Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe. Kamar yadda muka yi magana ɗazu, na gode da farashin ƙarshe na naira 37,500 da ka ba ni ranar Litinin a kan buhu 200 na yuriya. Na duba lissafina, ba zan iya saye a wannan karon ba. Saƙon muryar da na turo na nuna saƙonka ya iso ne, ba amincewa ba ne, a yi mini afuwa in ya kawo ruɗani. Don Allah a saki kayan da aka ware mini, a sayar wa mai buƙata, kada a loda mini komai. Naira 300,000 da na turo, ina roƙon a dawo mini da ita ta asusun da na turo da ita. Ban manta alherin da ke tsakaninmu ba, kuma zan so a riƙa sanar da ni farashi idan sabon kaya ya sauka. Allah ya ƙara buɗi, ya bar zumunci."

Dubi jimlar da ta bar ƙofa a buɗe. Na ce a riƙa sanar da kai farashi, ban ce za ka saya ba. Mutane da yawa, don su sanyaya wa wanda suka ƙi zuciya, sai su ce "kayan rani duk a wurinka zan ɗauka, buhu 300 in sha Allahu". A dokar Ingila irin wannan magana da babu farashi babu rana da wuya ta ɗaure mutum. A Malikiyya kuwa akwai magana mai ƙarfi cewa alkawari yana zama wajibi idan an rataya shi a kan wani dalili, wanda aka yi wa alkawarin kuma ya shiga ɗawainiya saboda shi. Idan Alhaji ya je ya yi odar ƙarin mota saboda maganarka, ka ba shi abin riƙewa, ko a gaban alƙali ko a gaban shugabannin kasuwa. Kada ka ambaci adadi, kada ka ambaci wata.

Ka lura kuma ban sa sunan sabon mai kayan ba, ban faɗi farashinsa ba. Doka ba ta tilasta maka ba da dalilin ƙin tayi. Kuma kada ka ƙirƙiro dalili. In ka ce ba ka da kuɗi bana, direban Alhaji ya wuce ranar kasuwar Gujungu ya ga shagonka maƙil da taki, wannan ƙaryar ce za ta rufe ƙofar, ba ƙin sayen ba. "Lissafina bai kai ba" gaskiya ce, ta kuma isa.

Saura kuɗinka. Tunda ciniki bai ƙullu ba, Alhaji ba shi da hujjar riƙe naira 300,000, haƙƙinka ce. Da a ce kun daidaita farashi ka ba da ita a matsayin kafin alƙalami sannan ka janye, da magana ta canja a kotun majistare ko babbar kotu, inda irin wannan kuɗi yakan iya zama na mai kaya. A kotun shari'ar Musulunci kuwa Malikiyya ba su halatta cinikin da aka sharɗanta cewa mai kaya zai cinye kafin alƙalami in an fasa ba, ko da yake Hambaliyya sun halatta. Ka koma cikin saƙonninku ka duba abin da aka rubuta ranar da ka tura kuɗin. In akwai inda ya ce "ba a dawo da shi" kai kuma ka ce to, ka kawo mini wayar mu duba kafin ka aika komai.

Yana iya ce maka a bar kuɗin a wurinsa a cire a ciniki na gaba. Ba laifi in ka ga dama, wani lokacin ma shi ke riƙe zumuncin. Sai dai ya rubuto da kansa cewa naira 300,000 ɗinka tana hannunsa, kuma za ka iya karɓa duk ranar da ka nema ko ba ka sayi komai ba. In kuma ya ce ya biya 'yan dako ko kuɗin sito saboda kayan da ya ware maka, nemi ya faɗi nawa ne. In dubu goma ce ko sha biyar, ni da zan ce ka bar masa, ka rubuta cewa kyautatawa ce ba biyan diyya ba.

Bayan ka aika saƙon, ka jira amsarsa, ko da "ba komai, Allah ya sa haka ya fi alheri" ce. Ɗauki hoton saƙonnin duka tun daga na Litinin, haɗe da rasiɗin tura kuɗin, ka aika wa wata wayar ka adana. In har Alhamis da yamma bai buɗe saƙon ba, ka sake kira, ka kuma tura shi ta saƙon waya na yau da kullum.