Yadda Ake Saita Igwa da Lokacin Harbinta a Gaban Sojan Ƙasa

Tambaya: Malam, na ji cewa a Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji kan yi tafiya a bayan ruwan harsasan igwarsu. Yaya masu igwa ke saiti har ba su hallaka nasu ba?

Amsa: Mai igwa galibi ba ya ganin abin da yake harbi, domin igwar tana ɓoye a bayan tudu. Da taswira ake fitar masa da abu biyu: inda zai karkata bakin igwar dama ko hagu, da yadda zai ɗaga shi sama gwargwadon nisa. Sannan a yi gyara saboda iska, da zafin albarushi, da zaizayewar bututun, tunda tsohuwar igwa takan jefa harsashi ƙasa da nisan da aka lissafa.

Idon mai igwa shi ne hafsan da ke can gaba da wayar tarho. A ce an saita yadi 4,200 harsashi ya zarce, sai a rage zuwa 3,800. In ya gaza, an san maƙiyi yana tsakani, sai a gwada 4,000, a yi ta raba tazarar biyu har a dace. Harsashin da ake so ya fashe a sama kuma yana da zobe a hancinsa, wanda ake murɗawa don ƙayyade daƙiƙun da albarushin ciki zai ci kafin fashewa.

Ruwan wuta mai rarrafe, wato ruwan harsasan da sojoji ke tafiya a bayansa, agogo ne ke tafiyar da shi. A tudun Vimy na Faransa, ranar 9 ga Afrilu 1917 da ƙarfe 5:30 na asuba, igwogi sun zuba wuta a layi guda gaban sojojin Kanada, suna matsar da ita yadi 100 duk minti 3, wato yadi 2,000 a awa, tafiyar da ko tsoho ba zai kira sauri ba. Manufar ita ce Jamusawa su kasa fitowa daga ramukansu har sai an iso kansu, shi ya sa ake son soja ya manne wa wutar da kamar yadi 50. Tun makonni kafin ranar sojojin Kanada suka yi ta atisaye, hafsoshi a kan dawakai riƙe da tutoci suna kwaikwayon layin wutar, kuma an daidaita agogon kowa.

Maganar gaskiya, ba a tsira gaba ɗaya ba. Harsasai ba sa faɗuwa wuri guda ko da saitin bai canza ba, don haka wasu kan sauka a kan nasu, kuma kwamandoji sun yarda da wannan asarar saboda a ganinsu jinkiri ya fi ta muni. Idan waya mai ƙaya ta tsare soja minti goma, wutar takan wuce ta bar shi a fili, masu mashinga su fito, ga wayar tarho ta tsinke balle a ce a dawo da wutar baya. A Passchendaele ta Beljiyam, cikin Oktoban 1917, taɓo ya haɗa matsalolin biyu: sojoji suka kasa bin wutar duk da an rage mata sauri, igwogin kuma suna nutsewa bayan kowane harbi, saitinsu na gocewa.