Zace-zacen hayaƙi a hasashen yanayi, da dalilin da ya sa ba a zaɓar guda a ce shi ne zai faru

"Malam, a teburin da ka ba ni na ga layi biyar, daga SSP1-1.9 zuwa SSP5-8.5, kowanne da nasa adadin zafi a ƙarshen ƙarnin nan. Wanne ne daidai a cikinsu? In kuwa ba a san wanne ba ne, to me muke hasashe ke nan?"

Ɗana, babu ko ɗaya a cikin layukan nan da aka rubuta domin ya zama shi ne daidai. Kowane layi amsa ce ta tambaya mai sharaɗi, wato idan mutanen duniya suka fitar da hayaƙi mai yawan kaza daga yanzu zuwa shekarar 2100, yaya zafin duniya zai kasance? Manhajar kwaikwayon yanayi da muke aiki da ita ta san lissafin tafiyar iska da ruwan teku da hasken rana da ƙanƙara, amma babu lissafin kimiyyar halitta da zai gaya mata yawan gawayi ko man fetur da za a ƙona a shekarar 2060, domin wannan yana hannun gwamnatoci da kasuwanni da yawan jama'a da fasahar da ba a ƙirƙira ba tukuna. Saboda haka mu ne muke ba ta wannan ɓangaren a matsayin zato, ita kuma ta yi mana lissafin abin da zai biyo baya.

Ka fara da sanin yadda ake gina zaton, domin daga nan ne sauran za su warware maka. Masu nazarin tattalin arziki da makamashi su ne suke fara aikin. Suna tsara labarin yadda duniya za ta iya tafiya, ta fuskar yawan jama'a da bunƙasar arziki da irin makamashin da ake dogaro da shi, sannan su mayar da labarin zuwa adadin hayaƙin kowace shekara. Lambar da ke biye da haruffan SSP ita ce lambar labarin. Lambar da ke bayan karan ɗori kuwa, kamar 4.5 ko 8.5, tana nuna ƙarin ƙarfin ɗumamawa da za a kai a shekarar 2100, wanda ake aunawa da wat a kan kowace murabba'in mita ta doron ƙasa, idan aka kwatanta da zamanin da masana'antu ba su bunƙasa ba. Daga adadin hayaƙin sai a lissafa yawan da zai taru a sararin sama, bayan an cire wanda teku da tsirrai za su shanye, sannan a shigar da wannan cikin manhajojin yanayi. A zagayen aikin kwatanta manhajojin yanayi da ake kira CMIP6, manhajojin suna tafiya da bayanan tarihi na gaskiya daga 1850 zuwa 2014, daga 2015 kuma kowace ta hau kan zaton da aka ba ta.

Yanzu ɗauki layi biyu ka ajiye su gefe da gefe. A cikin SSP2-4.5 an ƙaddara cewa hayaƙin kabon zai tsaya kusa da inda yake yanzu har zuwa tsakiyar ƙarni, sannan ya fara raguwa. A cikin SSP5-8.5 an ƙaddara cewa zai ninka sau biyu wajen shekarar 2050. Rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya nuna cewa tsakanin 2021 da 2040 bambancin da ke tsakaninsu ƙanƙani ne ƙwarai: ƙarin zafi na digiri 1.5 a na farko, digiri 1.6 a na biyu, a kan matsakaicin zafin shekarun 1850 zuwa 1900. Tsakanin 2041 da 2060 sai su fara rabuwa, digiri 2.0 da digiri 2.4. A shekaru ashirin na ƙarshen ƙarni kuwa, 2081 zuwa 2100, na farko yana kai digiri 2.7, na biyu digiri 4.4.

Dalilin wannan jinkirin rabuwa shi ne abin da nake so ka riƙe fiye da lambobin kansu. Iskar kabon ba ta gushewa a shekarar da aka fitar da ita, wani kaso nata yana zama a sama ɗaruruwan shekaru, don haka zafi yana bin jimillar abin da ya taru ne tun farko, ba abin da aka fitar a bana kaɗai ba. Ƙiyasin da rahoton ya bayar shi ne kowane tan biliyan 1000 na iskar kabon yana ƙara kimanin digiri 0.45. Duniya tana fitar da kusan tan biliyan 40 a shekara. Idan aka ci gaba a haka shekara 25, an tara tan biliyan 1000 ke nan, wato ƙarin digiri 0.45. Idan kuwa aka rage har matsakaicin waɗannan shekarun ya zama tan biliyan 20, an tara 500, ƙarin kuma bai wuce kimanin digiri 0.23 ba. Ka ga raguwar da ta kai rabi, wadda aiki ne babba ga duniya, ba ta haifar da bambancin da ya kai kwatan digiri a cikin shekara 25 ba, amma idan aka bar wannan tazarar ta yi ta taruwa shekara 70 ko 80, sai ta zama ita ce mafi girman abin da ke raba layukan teburinka. Abin da ya faru a 2020 ya nuna haka a fili, domin hayaƙi ya ragu a wannan shekarar saboda kullen annobar korona, amma yawan kabon da ke sama bai fasa ƙaruwa ba.

To, ko da a ce wani ya tabbatar mana cewa duniya za ta bi SSP2-4.5 sau da ƙafa, har yanzu ba mu da adadi guda. Duba gefen wannan digiri 2.7, za ka ga an rubuta daga 2.1 zuwa 3.5. Wannan faɗin yana zuwa ne daga rashin cikakken sanin yadda yanayin duniya yake amsa kabon. Mafi kyawun ƙiyasi shi ne idan kabon ɗin sama ya ninka sau biyu, zafi zai ƙaru da kimanin digiri 3 bayan komai ya daidaita, amma mai yiwuwa ne ya faɗa ko'ina tsakanin 2.5 da 4. Babban abin da ke kawo wannan shi ne gajimare. Manhaja tana yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida faɗinsa ya kai kimanin kilomita 100, gajimare kuwa ya fi wannan ƙanƙanta nesa ba kusa ba, saboda haka ba a lissafa shi kai tsaye, sai dai a kintata shi da ƙa'idojin da kowace cibiyar bincike ta tsara nata. Gajimaren da ke ƙasa-ƙasa yana mayar da hasken rana ya sanyaya duniya, wanda ke can sama kuma yana tsare zafi, don haka ɗan bambanci a yadda aka kintata su yana sauya sakamako sosai. Shi ya sa ba ma dogara da manhaja guda, muna ba manhajoji da dama zato iri ɗaya, mu duba inda suka haɗu da inda suka saɓa. A ganina wanda ya kawo maka digiri 2.7 ba tare da faɗinsa ba, rabin sakamako ya kawo.

Akwai kuma jujjuyawar da yanayi yake yi da kansa. Ka ɗauki manhaja guda da zato guda, ka sauya yanayin ranar farawa da ɗan abin da ba ya ko aunuwa, ka sake tafiyar da ita, za ka ga shekarun El Niño, wato na ɗumamar ruwan tekun Fasifik, da shekarun fari sun faɗo a wurare dabam, ko da yake hawan zafin na tsawon lokaci bai sauya ba. Don haka abin da manhaja ta nuna a shekarar 2047 ba labarin 2047 ba ne, misali ne na irin shekarar da za a iya samu a wannan zamanin, kuma saboda wannan ne ake bayar da sakamako a matsakaicin shekara ashirin. Aman dutse ma ba a san ranarsa ba, alhali Pinatubo da ya yi aman wuta a ƙasar Filifin a 1991 ya sanyaya duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu.

Kuskuren da na fi so ka kiyaye shi ne na ɗora wa manhaja laifin zato. A 1988 masanin yanayi James Hansen ya gabatar da hasashe a kan zato uku, A da B da C. Daga baya zafin da aka auna ya zo ƙasa da layin B, wanda shi ne ya ɗauka mafi kusa da yiwuwa, sai wasu suka ce manhajar ta gaza. Amma wani ɓangare mai girma na tazarar ya fito ne daga zaton kansa, domin ya ƙaddara ƙarin iskar methane da iskar CFC ta na'urorin sanyaya fiye da abin da ya auku, kuma yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta rage iskar CFC ƙwarai. Hanyar tantancewa ita ce ka raba tambayar biyu. Ka fara duba ko hayaƙin da aka fitar a zahiri ya yi daidai da na zaton, sannan ka duba nawa ne zafin da manhajar ta bayar a kan kowane wat na ƙarfin ɗumamawa, ka kwatanta da wanda aka auna. Idan na farkon ne ya kauce, zato ne ya saɓa, kuma wannan ba aibi ba ne, tunda wani lokaci ganin layin mai muni ne yake sa mutane su sauya hanya. Idan na biyun ne ya kauce, to manhajar ce take bukatar gyara.

Haka nan kada ka riƙa kiran SSP5-8.5 da hanyar da duniya take kai. An gina shi ne domin ya wakilci can ƙarshen sama, yana kuma bukatar ƙona gawayi mai yawan gaske wanda masana da yawa a yau suke ganin da wuya a kai gare shi. Duk da haka yana da amfani, domin a cikinsa alamar ɗumama tana fitowa sarai sama da jujjuyawar shekara-shekara, kuma mai gina madatsar ruwa ko katangar bakin teku da za ta daɗe shekara 80 yana da haƙƙin sanin mafi munin abin da zai iya fuskanta. Ba a ɗora wa layukan biyar kason yiwuwa ba, saboda haka ba daidai ba ne ka haɗa su ka fitar da matsakaici, kuma na tsakiya bai zama gaskiya don kawai yana tsakiya ba.

Idan za ka rubuta sakamako a rahotonka, ka tabbata jimlar ta ɗauki sunan zaton, da shekarun da ake magana a kai, da shekarun da aka yi awo daga gare su, da faɗin adadin. Misali ka ce: a ƙarƙashin SSP2-4.5, matsakaicin zafin duniya a 2081 zuwa 2100 zai ɗara na 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 2.7, a tsakanin 2.1 da 3.5. Sannan ka ajiye aƙalla zato guda na ƙasa da guda na sama kusa da shi. Idan aikin da aka nemi shawararka a kai na shekara goma sha biyar ne, ka gaya wa mai shi cewa zaɓin zato ba zai sauya masa abu mai yawa ba, jujjuyawar yanayi ce za ta fi damunsa. Idan kuwa aikin zai kai ƙarshen ƙarni, zaɓin zaton shi ne abu na farko da za ku zauna ku tattauna kafin ka kunna manhaja.