Bankwana da Ƙawar da Zumunci Ya Yi Sanyi: Wace Kalma Ta Dace?

Wata mai karatu daga Zariya ta rubuto: “Malam, ina da aminiya tun muna makarantar kwana. Ba mu yi faɗa ba, aure da nisa ne suka shiga tsakani, yanzu ko na kira ta hirar ba ta wuce ‘ya yara, ya maigida’. Ina so in sauke mana nauyin nan ba tare da ta ji na zarge ta ba. Sallama zan yi mata ko bankwana? Akwai karin maganar da zan saka a saƙon?”

Malama, a cikin biyun bankwana ta fi kusa da abin da ke ranki, amma shawarata kada ko ɗaya ta fito a saƙon.

Sallama ta zo mana daga Larabci, tushenta ɗaya da salamu alaikum, sai dai a bakin Bahaushe ta yi rassa. Ana sallama a ƙofar gida, baƙo yana sallama da mai masaukinsa in zai tafi, likita yana sallamar majinyaci, uban gida yana sallamar yaronsa daga aiki. Ki lura da na ƙarshen nan. In kin ce “mun yi sallama da ita”, ku biyu ne a tsaye kafaɗa da kafaɗa. In kuwa kika ce “na sallame ta”, kin hau sama kin bar ta a ƙasa, kamar wadda kika biya hakkinta kika nuna mata ƙofa. Tazarar da ke tsakanin maganganun biyu ba ta da yawa a baki, kuma mai karanta saƙo da zuciya a ɗar-ɗar na biyun za ta ji ko da na farkon kika rubuta.

Bankwana kuwa Hausa ce tsantsa. Asalinta ban kwana, gininta ɗaya da ban ruwa, ban girma, ban hannu, ban haƙuri, wato ba da wani abu. Tun a gininta babu kora a ciki. Matsalarta nauyi. Amarya ce ke bankwana da gidansu, maniyyaci ke bi gida gida yana bankwana kafin ya tashi, hajjin da Annabi (SAW) ya yi a shekara ta 10 bayan hijira muna kiransa Hajjin Bankwana, wanda ya rasu kuma a ce ya yi bankwana da duniya. Ƙawar da ta buɗe waya ta ga “ina yi miki bankwana” ba ƙarshen ƙawance zai fara zuwa mata ba. Za ta ɗauka ko asibiti aka kwantar da ke, ta kira a ruɗe, ki koma kina bayanin abin da kika so ki kauce wa faɗa.

Abin da ya sa kike ta neman kalma ba ki samu ba shi ne, Hausa ba ta tanadi sanarwar mutuwar abota ba. Aure yana da saki, ciniki yana da “albarka”, amma abota ba ta da lafazin da ake yankewa da shi. Abin da muke da shi matakai ne. A sama akwai amini ko aminiya, daga amana, wadda ta san cikinki. Ƙasa da ita ƙawa ko aboki. Ƙasa da nan akwai wanda ake gaisuwar mutunci da shi, sai idon sani. Mutum yana sauka daga wannan mataki zuwa wancan ba tare da an ce masa sauka ba. Abin da babu shi a tsanin nan shi ne daina gaisawa, domin wannan sunansa gaba, kuma addini ya yi masa iyaka: hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, ya kuma ce mafi alherinsu shi ne wanda ya fara yin sallama. Don haka aikin da ke gabanki sauke ta ne daga aminci zuwa gaisuwar mutunci, ki yafe mata wajibcin kira da ziyara, ita ma ta yafe miki.

Nahawu zai taimake ki a nan fiye da karin magana. Zargi a Hausa yawanci a wakilin suna yake ɓuya. “Kin daina nemana” tuhuma ce. “Na rabu da ke” hukunci ne, kuma ƙanwar “rabu da ni” ce, wadda ake faɗa cikin fushi. Amma “nisa ya raba mu” ya ɗora abin a kan nisa, “hidima ta yi mana yawa” ta raba nauyin biyu daidai, “an kwana biyu ba a gaisa ba” kuwa ba ta ma nuna kowa ba. Wannan “an” da “a” babbar rufin asiri ce a harshenmu, da ita dattawa ke sulhu: an yi kuskure, a yi haƙuri. In kin gama rubutu ki bi shi ki ƙirga “kin” da “ba ki”. Duk wadda ba alherinta take ambata ba, ki mayar da ita “mun” ko “an”.

Haka “sai”. Duk rabuwarmu da ita ake yi, kuma aikinta sanya lokacin sake haɗuwa: sai an jima, sai da safe, sai gobe, sai an kwana biyu, sai wata rana. Kowace ta fi ta gabanta nisa. “Sai wata rana” ce ta ƙarshe, ba ta yi alkawari ba, ba ta kuma rufe ƙofa ba, kuma kowane Bahaushe ya san abin da take nufi in ta zo a ƙarshen doguwar godiya. Ita ce kalmar da kike nema.

Karin magana kuwa, ki yi hattara. Yawancin waɗanda ke zuwa baki a irin wannan hali habaici ne. “Zumunta a ƙafa take” gaskiya ce, amma in ke kika aika mata, cewa kika yi ƙafarta ce ta gaza. “Hanyar jirgi daban ta mota daban” tana tilasta mata tambayar wace ce jirgin, musamman in ɗayarku ta fi ɗaya wadata a gidan aure. “Zo mu zauna, zo mu saɓa” ta masu saɓani ce, ku kuwa ba ku saɓa ba, za ki sa ta zauna tana laluben laifin da babu shi. “Allah ya haɗa kowa da rabonsa” addu'a ce a zahiri, amma an saba jin ta a bakin wanda ke janyewa daga neman aure, ta riga ta ɗauki ƙamshin wurin. “Umma ta gaida Aisha” da “Allah ya raka taki gona” ba ma sai na ce komai ba, waɗannan na waɗanda suka rabu dutse a hannun riga ne.

Guda ɗaya zan iya lamunce miki: “sabo ake yi wa kuka”. Asalinta a gidan makoki ake jin ta, ana nufin shaƙuwa ce ke sa hawaye. Ba ta tuhumi kowa ba, ta dai yarda cewa an saba kuma rabuwa da ciwo. Ko ita ma na fi son ki riƙe ta don kanki, ranar da kewa ta taso miki ki san sunan abin da ke damunki.

Tsarin da kakanninmu ke bi in za su rabu da maƙwabci ko abokin tafiya shi ne gaisuwa, godiya, neman gafara, addu'a. Ga yadda zai iya zama a bakinki, ki gyara shi ya dace da ku:

“Assalamu alaikum ƙawata, ya gida, ya yara? Yau na tuna lokacin da na kwanta zazzaɓi a makaranta kina ɗebo mini ruwa kina karɓo mini abinci, na ce sai na gode miki, don ban taɓa mantawa ba. Rayuwa ta kai kowa inda ta kai shi, hidima ta yi mana yawa. Don Allah kada ki riƙa jin nauyi in an kwana biyu ba a gaisa ba, ni ma ba zan ji ba. In akwai abin da na taɓa yi miki, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini. Ni ba ki yi mini komai ba sai alheri. Allah ya raya zuri'a, ya sada mu da alheri. Sai wata rana.”

Godiyar ki ɗaure ta da abu guda takamaimai da ya faru, domin “na gode da komai” kowa ana ce masa. Sannan ki lura ban rubuta “na yafe miki” ba. Yafiyar da ba a nema ba tuhuma ce a lulluɓe, tana nufin akwai laifi. Ki nemi taki, ki wanke ta da “ba ki yi mini komai ba”. In ita ta ce ki yafe mata, a nan ne za ki amsa da “Allah ya yafe mana baki ɗaya”. Lokacin aikawa ma yana da tasiri: gab da azumi ko ranar Sallah mutane sun saba neman gafarar juna, saƙon zai shiga cikin ayari ba tare da ya tsorata ta ba.

Kafin ki aika, ki duba ko akwai sauran hakki. Ƙawance a wurin mata ba hira kaɗai ba ne, akwai biki. In ta yi miki gudummawa ranar aurenki ko sunan ɗanki ba ki rama ba tukuna, ko akwai zubin adashi, ko wani zane nata a akwatinki, ki fara sauke wannan. Saƙo mai daɗi a kan bikin da ba a rama ba, gudun ramuwa za a kira shi, kuma ba ita kaɗai za ta faɗa ba, har danginta. Sirrinta da ke wurinki kuwa ba ya sauka tare da matakin, yana nan a matsayin amana ko da kun koma idon sani. Ta'aziyya da dubiya su ma suna nan: in aka yi mata rasuwa za ki je, ko ki kira in nisa ya hana.

Daga amsarta za ki gane inda aka tsaya. In ta ce “Allah sarki, ba komai wallahi, Allah ya bar zumunci”, ta fahimta, ta kuma karɓa. Kada “Allah ya bar zumunci” ta ruɗe ki, a nan rufe zance ce cikin mutunci. In ta yi shiru, kada ki bi da “kin ga saƙona?”, domin kin riga kin ce ba za ki ji nauyin shiru ba. In kuwa ta kira ki tana cewa “haba, me ya yi zafi, yaushe za ki zo?”, to a wajenta abin bai yi sanyin da kike zato ba, sai ki amsa kiran ku yi magana baki da baki.