Mita na nuna −3.3 V alhali tanda ba wuta: ina matsalar take?

Tambaya: Malam, ina haɗa ma'aunin zafi na tandar burodi da tamokoful nau'in K da ofam 741, na'urar da ke ninka foltej, a kan +12 V da −12 V. R1 1k ce, Rf 470k. Na sa risista 100k da kafasita 100 nF a ƙafa ta 3 don tace hayaniya. Ko na haɗe wayoyin tamokoful ɗin, mita na nuna −3.3 V. Da safe na murɗa firiset ya koma sifili, amma kafin la'asar ya sake gocewa. Shin 741 ɗin jabu ce?

Amsa: Malam, da wuya jabu ce. Adadin da mitarka ta nuna shi ne kusan abin da lafiyayyar 741 za ta bayar a wannan haɗin, kuma babban mai laifin ita ce risistar 100k ɗin nan.

Kurakurai biyu ne suka haɗu maka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne ofset, wanda takardar bayanin na'urar ke rubutawa Vos. Tiranzistoci biyu da ke bakin shiga ba su taɓa fitowa daidai wa daida daga masana'anta, saboda haka ofam ɗin yana ganin kamar akwai ɗan bambanci tsakanin ƙafa ta 2 da ta 3 ko da an haɗe su. A 741 wannan yakan kai wajen 1 mV, wata ma har 6 mV. Na biyu shi ne wutar bayas, Ib. Tiranzistocin nan sai sun ja 'yar wuta ta ƙafafun shiga kafin su yi aiki, kimanin 80 nA a 741. Ita kaɗai ba ta da illa, sai in ta ratsa babbar risista, nan take ta zama foltej. Ga lissafin duka:

```
G = 1 + Rf/R1 = 471
Vout = G × (Vos − Ib × Rs + Ib × (R1||Rf))
```

A haɗinka Rs ita ce 100k. Idan 80 nA ta bi ta cikinta, ƙafa ta 3 za ta zauna a −8 mV, domin cikin 741 wutar ke shiga. Ninka wannan sau 471, ka sami kusan −3.8 V. Ta ɓangaren ƙafa ta 2 kuwa wutar 1k kawai take gani, abin da zai ƙara bai wuce 0.04 V ba. Ofset na 1 mV zai kawo wajen 0.47 V, sama ko ƙasa. Haɗa su ka ga −3.3 V ɗinka. Tamokoful K kuwa 41 µV kacal yake bayarwa a kowane digiri, wato wannan 8 mV daidai yake da kuskuren kusan digiri 195. Ai ka ga burodi ba zai gasu da wannan ma'auni ba.

Kada ka tsaya a lissafina, gwada da kanka. Cire firiset ɗin gaba ɗaya, ka kunna, ka bar allon ya yi kamar minti 15 ya ɗumama. Da wayoyin tamokoful a haɗe, rubuta abin da mita ta nuna a ƙafa ta 6, wato ƙafar fita. Sannan ɗauki guntuwar waya ka haɗa ƙafa ta 3 kai tsaye da giraun, ka tsallake 100k ɗin. Abin da ya rage yanzu kusan duka ofset ne. A ce ka ga +0.45 V: bambancin karatun biyu 3.75 V ne, raba shi da 471 ka sami 8 mV, sake raba wannan da 100k ka sami 80 nA. Da waya ɗaya ka auna Ib ɗin na'urarka, ka kuma san wanne cikin biyun ya fi cutar da kai.

Dalilin gocewar la'asar shi ne ka sa firiset aikin da ba nasa ba. An tanadi ƙafa ta 1 da ta 5, inda ake haɗa firiset, ne don gyara rashin daidaiton tiranzistocin ciki. Da ka tilasta musu su haɗiye 8 mV da ya fito daga waje, sai ka karkatar da su da gangan, kuma kowane 1 mV na irin wannan karkata yana jawo gocewar kusan 3.3 µV a kowane digirin zafin na'urar. Ga shi Ib ɗin 741 ita ma raguwa take yi in zafi ya ƙaru. Akwatin da ke gefen tanda kuwa, zafinsa na asuba daban, na azahar daban.

Gyaran farko ba zai ci maka kuɗi sosai ba. Mayar da 100k ɗin zuwa 1k, ka ɗaga kafasitar daga 100 nF zuwa 10 µF, tacewar tana nan yadda take. Nemi kafasita marar yoyo, kada ka sa mai ruwa a ciki. Yanzu ƙafafun biyu suna ganin kusan 1k kowacce, kuskurensu zai kashe juna, sai ɗan bambancin da ke tsakanin wutar ƙafafun, Ios, wajen 20 nA. Wannan a kan 1k 20 µV ne, rabin digiri. Wani zai ce ka bar 100k ɗin ka ƙara wata irinta a ƙafa ta 2 don su daidaita. Ban yarda da wannan shawarar a nan ba: 20 nA a kan 100k har yanzu 2 mV ne, kusan digiri 49, ga ƙarin hayaniya. Ka rage girman risistocin tukuna, sannan ka daidaita su.

Sai bayan wannan ne firiset zai dawo. Na 10k, tsakanin ƙafa ta 1 da ta 5, ƙafarsa ta tsakiya zuwa ƙafa ta 4, wato −12 V. Sayi irin mai murɗi da yawa, domin a ninki 471 na gama-gari da ɗan taɓawa yake tsallake sifili. Ka saita shi allon na cikin akwatinsa, ya ɗumama, wayoyin tamokoful a haɗe.

In kana son ra'ayina, canza na'urar ma ya fi. OP07 tana shiga gurbin 741, ofset ɗinta a gomman µV yake, gocewarta da zafi kuma ƙanƙanuwa ce. Sai dai ka kula, nata firiset 20k ne tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8, tsakiyarsa zuwa ƙafa ta 7, saboda haka cire tsohon haɗin kafin ka dasa ta. Tana kuma soke yawancin wutar bayas ɗinta daga ciki, abin da ya rage na iya bin kowace fuska, don haka daidaita risistoci ba ya ƙara mata wani abin kirki. TL071 kuwa za ta kawar da matsalar Ib, amma ofset ɗinta wajen 3 mV ne, kuma wutar bayas ɗinta tana ninkawa duk bayan kusan digiri 10, ba ita ce ta gefen tanda ba.

Abu biyu da za su iya ruɗa ka bayan gyara. In wayar tamokoful ta tsinke, wutar bayas ba ta da hanyar zuwa giraun, sai karatun ya sulale zuwa ƙarshe ya manne. Wannan alamar tsinkewa ce, kada ka zargi ofam. Sannan tamokoful bambancin zafi yake aunawa tsakanin bakinsa da inda wayoyinsa suka haɗu da tagullar allo. Idan mita na zama a sifili da wayoyi a haɗe, amma karatun tanda yana sauka kaɗan da rana, to mahaɗar ce ta yi zafi. Sai ka sa wani ɗan ma'aunin zafi kamar LM35 dab da ita, ka riƙa ƙara karatunsa a kan na tamokoful.